Kiriyatin: Kafin Ɗaga Ƙarfe Ko Bayansa?

Ƙannena masu ɗaga ƙarfe, gardamar nan da kuke yi a kan ko a sha kiriyatin, garin nan da ake sha don ƙara ƙarfin tsoka, kafin atisaye ko bayansa, mu ma da muka riga ku mun ɓata lokaci a kanta, muka bar abin da ya fi ta muhimmanci. Amsar a taƙaice ita ce, bambancin da ke tsakanin lokutan biyu ƙanƙani ne ƙwarai, in ma akwai shi. Abin da ke raba wanda ya amfana da wanda ya zubar da kuɗinsa shi ne shan kullum.

Sai an san yadda garin nan ke aiki a jiki za a gane dalili. Kiriyatin ba kamar kofi yake ba, da za ka sha yanzu ka ji shi a jikinka bayan rabin awa. Tara shi jiki ke yi, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari a cikin tsoka yake zama. Namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 120, kuma ma'ajin na iya kaiwa wajen giram 160 idan ya cika. Daga wannan ajiya tsoka ke ɗiba don sabunta ATP, wato makamashin da take ƙonawa a aikin ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, irin ɗaga nauyi ko gudun mita 100. Kamar randa ce, ruwan da ka ɗiba yau an kwana biyu ana zuba shi. Giram 5 ɗin da ka kaɗa a bakin ƙofar gidan motsa jiki sai ya yi awa ɗaya zuwa biyu kafin ya kai ƙololuwa a jini, ballantana ya shige tsoka. Kafin nan ka gama ka yi wanka. Ƙarfin da ka ji a ranar, na makonnin baya ne.

Masu cewa bayan atisaye ya fi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. A 1992 Roger Harris da abokan aikinsa sun sa mutanen da ke shan kiriyatin motsa ƙafa ɗaya su bar ɗayar, sai aka ga ƙafar da ta yi aiki ta fi ɗaukar kiriyatin. A 2013 kuma Jose Antonio da Victoria Ciccone suka raba maza 19 masu gina jiki gida biyu na tsawon mako 4, wasu na shan giram 5 kafin atisaye, wasu bayansa. Masu sha daga baya sun ƙara kusan kilo 2 na nauyin da ba kitse ba, ɗaya ɓangaren kuwa bai cika kilo 1 ba. Wannan adadi ne ake ta yawo da shi. Sai dai mutum 19 sun yi kaɗan, wata guda ya yi gajarta, kuma a ma'aunin lissafin da aka saba tazarar ba ta kai a ce ba dace ba ne. Da aka sake gwadawa a 2022 a kan 'yan wasan jami'a a Amurka na mako 8, ba a ga bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. In ka tambaye ni, bayan atisaye tare da abinci zaɓi ne mai kyau, amma ba zan yi musu da wanda ya fi son safiya ba.

Ga inda ɓarnar take. Wanda ya ɗauki kiriyatin a matsayin abin sha kafin atisaye, ranar da bai je ba ba ya sha. Mu ɗauki saurayi mai kilo 70 da ke zuwa Litinin, Laraba da Juma'a. Giram 5 sau uku, giram 15 ke nan a mako, wato giram 2 da ɗan ɗoriya a rana idan aka baje. Abokinsa da ke sha kullum bayan abincin dare, ba ruwansa da agogo, yana samun giram 35. Na farkon zai jima ma'ajinsa bai cika ba, idan kuma tafiya ko zazzaɓi ya hana shi zuwa na mako guda, sai ya koma baya. Bayan wata biyu za ka ji yana cewa garin jabu ne, ko kuwa ya koma sha bayan atisaye yana zaton nan matsalar take.

Hanya biyu ake cika ma'ajin. Ta gaggawa ita ce giram 20 a rana na kwana 5 zuwa 7, a raba shi kashi huɗu na giram 5, sannan a sauko giram 3 zuwa 5 kullum. Ta sannu kuwa giram 3 zuwa 5 ne tun daga ranar farko. Binciken Eric Hultman na 1996 ya nuna giram 3 a rana na kwana 28 yana kai tsoka inda giram 20 na kwana 6 ke kai ta. Wanda ba gasa ce a gabansa ba, ya bi ta sannu. Gwangwani mai giram 300 zai kai shi wata biyu a kan giram 5, kuma cikinsa zai zauna lafiya. Murɗawar ciki da gudawa da ake kuka da su galibi daga zuba giram 10 ko fiye a kofi ɗaya suke, musamman da cikin wofi. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ba na son sha gab da atisaye, don ba daɗi mutum yana tsugune da ƙarfe a kafaɗa ciki na ƙugi.

Nau'in monohaidiret za ku nema, shi aka fi gwadawa kuma shi ya fi araha. A yi awo da ɗan ludayin da ke cikin gwangwanin ko da ƙaramin sikeli, domin cokalin shayi na wani gida ba ɗaya yake da na wani ba. A kaɗa a kofin ruwa, in ɗumi ne ya fi saurin narkewa, a shanye har da abin da ya kwanta a ƙasa. Kada a haɗa shi a gora a bar shi kwana da kwanaki cikin zafi, musamman a lemo mai tsami, saboda a hankali yana rikiɗewa ya zama kiriyatinin, wanda fitsari kawai zai fitar. Abinci mai sitaci da furotin yana tayar da insulin, shi kuma yana taimaka wa tsoka ta riƙe kiriyatin. Shinkafa da wake ko tuwo da nama sun wadatar, ba sai an sayi lemon kwalba ba.

Da azumi ya zo, tambayar ma warware kanta take yi. Mai atisaye da la'asar ba shi da damar sha kafin ya fara, kuma bai yi asarar komai ba. Ya sha bayan buɗa-baki ko da sahur, ya kuma sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba. In an manta rana ɗaya, a ci gaba washegari da awon da aka saba, ba sai an ninka ba. Cikakken ma'aji yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya koma yadda yake a da.

Ta yaya za ka san yana aiki? Sikeli yakan nuna ƙarin kilo 1 zuwa 2 a makonnin farko, kuma ruwa ne da tsoka ta ja, kada ka ɗauka nama ne. Alama ta gaske a littafin atisayenka take: nauyin da kake ɗagawa sau 8 ya koma sau 9 ko 10. Wasu, musamman masu yawan cin nama da kifi, ma'ajinsu dama ya kusa cika, don haka canjin da za su gani kaɗan ne, kuma sauya lokacin sha ba zai ƙara musu komai ba.

Mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon suga ko hawan jini da ya daɗe, ya ga likita kafin ya fara. Haka ma wanda bai kai shekara 18 ba. Idan kuma za a yi maka gwajin ƙoda, ka faɗa wa likita kana sha, domin kiriyatinin na iya ɗan hawa a jini ya sa a zaci ƙodar ce ta samu matsala.