Tsakuren Binciken Noma: A Faɗi Me Aka Zuba, Nawa Aka Girba

Yawancin waɗanda za su ci karo da maƙalar bincikenka ba za su taɓa buɗe ta ba. Rumbunan bayanai irin su AGRIS na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da CAB Abstracts, da AJOL mai tattara mujallun Afirka, kanun maƙala da tsakurenta, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkonta, suke fara nunawa. Cikakkiyar maƙalar wani lokaci sai an biya kuɗi, wani lokaci kuma datar mai karatu ce ba za ta ɗauka ba. Saboda haka malamin gona a Azare ko ɗalibin digiri na biyu a Kashere, kalmomi 200 zuwa 250 ɗin nan su ne duk abin da zai sani game da aikin da ya ci maka damina biyu. Wannan shi ne babban abin da na koya a aikin duba rubutun ɗaliban noma a nan Bauchi, kuma shi ya sa nake rufe sauran shafukan da takarda idan ina karanta tsakure.

Irin tsakuren da ya fi zuwa teburina a kan gwajin taki ga masara, idan na mayar da shi Hausa, ga yadda yake: masara muhimmin abinci ce a Najeriya da Afirka baki ɗaya, an gudanar da gwaji don gano tasirin takin zamani a kan girma da amfanin masara, sakamako ya nuna bambanci mai ma'ana (P<0.05) tsakanin matakan, T3 ya fi sauran kamar yadda Jadawali na 4 ya nuna, don haka ana ba manoma shawarar amfani da T3. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma babu abin ɗauka. Na kan tambayi mai shi, "T3 ɗin nan mene ne?" Sai ya ce, "Malam, ai yana shafi na biyar." To, shafi na biyar yana hannunka da hannuna, ba ya hannun mutumin Azare. Lambobin T1 da T2 na allunan da aka kafa a gona ne da littafin ɗaukar bayanai, can ya kamata su tsaya. Haka ma duk wani "duba jadawali", da sunan marubuci da shekara a cikin baka, da gajarce-gajarcen da ba a warware ba.

Mu ɗauki gwaji guda mu bi shi. Alƙaluman girbin da zan kawo na koyarwa ne, na tsara su don misali, kada wani ya kai su gona. A ce an shuka SAMMAZ 15, irin masarar da Cibiyar Binciken Noma ta Samaru ta fitar, a wata gona mai jigawa kusa da garin Bauchi, damina biyu a jere. An gwada naitirojin mataki huɗu: 0, 60, 90 da 120 kilo a kowace hekta, kowane mataki an maimaita shi sau uku. Matsakaicin ƙwayar da aka girba ya zama tan 1.6, 3.1, 3.9 da 4.1 a hekta, kuma lissafi ya ce sai ratar da ke tsakanin matakai biyu ta kai tan 0.4 kafin a yarda ba dace ba ne, ratar da ake kira LSD.

Abu na farko da tsakure zai ɗauka daga nan shi ne matakan da kansu, da awonsu cikakke. A nan ne na fi daɗewa da ɗalibi, domin kuskuren wurin yana iya kaiwa har gonar wani. Kilo 90 na naitirojin ba kilo 90 na taki ba ne. Yuriya kashi 46 cikin 100 ne kawai naitirojin ɗinta, don haka kilo 90 na naitirojin yana nufin kusan kilo 196 na yuriya, wato buhu huɗu mai kilo 50 saura kaɗan. Idan tsakure ya ce "kilo 90 na taki", malamin gona zai iya gaya wa manomi ya zuba yuriya ƙasa da buhu biyu, wanda naitirojin ɗinsa wajen kilo 41 ne kawai, ko rabin abin da aka gwada bai kai ba. Idan kuma kamfa mai 15-15-15 ya fahimta, abin ya ƙara lalacewa, don kilo 90 nata kilo 13.5 kacal take bayarwa. Shi ya sa ake rubuta 90 kg N/ha, a kuma ambaci cewa daga yuriya aka samo shi. Kalmomi huɗu ko biyar ne ƙari, amma su ne bambancin girbi da asara. Haka nan a faɗi cewa ƙwaya aka auna, ba masara da totuwarta ba.

Na biyu shi ne wuri da lokaci. "A Jihar Bauchi" bai isa ba. Ruwan da ake samu a Toro ko Tafawa Ɓalewa ba shi ake samu a Katagum ba, daminar kudu ta fi tsawo, ta arewa gajeruwa ce. A Gombe ma Kaltungo daban, Nafada daban, sannan ga noman rani a ƙasan madatsar Dadin Kowa, inda ba ruwan sama ke juya sakamako ba. Mai karatu tambaya ɗaya ce a ransa, shin wannan ya shafi irin gonakin da nake hulɗa da su? Ba zai iya amsawa ba sai an gaya masa garin, da yankin, da irin ƙasar, da cewa damina ce ko rani, da shekarun. Jimla ɗaya ta ɗauke duka. Amma tarihin masara da yawan masu cin ta, wanda yakan cinye layi biyar na farko, duk wanda ya nemo maƙalar nan ya riga ya san shi. Jimla guda ta isa ta faɗi matsalar, kuma ta zama matsalar wannan gwajin, ba ta noma gaba ɗaya ba.

Sai sakamako, wanda a ganina ya kamata ya ci kusan rabin tsakuren, ko da yake shi aka fi yi wa rowa. Cewa an sami bambanci mai ma'ana bai gaya mana wane ne ya fi ba, bai kuma gaya mana da nawa ba. A misalinmu labarin a fili yake: daga 0 zuwa 60 girbi ya kusa ninkawa, daga 60 zuwa 90 ya ƙaru da tan 0.8, daga 90 zuwa 120 kuwa ƙarin tan 0.2 ne, bai kai ratar 0.4 ba. Ɗalibi da yawa zai rubuta cewa 120 ya ba da girbi mafi yawa, ya ba da shawararsa. A ido haka ne, amma gwajin bai iya raba 120 da 90 ba, kuma ƙarin kilo 30 ɗin nan ya haura buhu guda na yuriya a kowace hekta. Ainihin abin da aka gano shi ne ƙaruwar ta tsaya a wajen 90. Tsakuren da bai faɗi haka ba ya ɓoye mafi tsadar abin da ke cikin maƙalar.

Ba dole ne duk abin da aka auna ya shigo ba. An auna tsawon kara mako-mako, da yawan ganye, da kaurin kara, na san wahalar da aka sha a rana da ma'auni a hannu, kuma na san da wuya mutum ya bar su. Sai dai tambayar gwajin ta girbi ce, su kuwa suna da mazauni a cikin maƙala.

Ga yadda tsakuren zai iya fitowa bayan gyara:

"Tsadar taki ta sa ana bukatar sanin matakin naitirojin da ƙari a kansa ba ya ƙara girbin masara. An gwada matakai huɗu (0, 60, 90 da 120 kg N/ha, daga yuriya) a kan SAMMAZ 15 a ƙasa mai jigawa kusa da Bauchi, a daminar 2022 da ta 2023, da maimaici uku, kuma kowane fili ya sami fosfaras da fotash daidai wa daida. Matsakaicin girbin ƙwaya ya tashi daga tan 1.6 a hekta inda ba a zuba naitirojin ba zuwa 3.1 a mataki 60 da 3.9 a mataki 90. Mataki 120 ya ba da 4.1, wanda bai bambanta da na 90 ba (LSD 0.4, P<0.05). Haka matakan suka jeru a duka shekarun biyu. A wannan ƙasa da wannan iri, wuce 90 kg N/ha bai ƙara girbi ba."

Bai kai kalmomi 150 ba, akwai sauran fili. Jimlar da ta ce matakan sun jeru iri ɗaya a shekarun biyu ba ado ba ce. Da a shekara ɗaya ruwa ya ɗauke lokacin da masara ke fitar da gemu, takin bai yi aiki ba, a ɗayar kuma ya yi, to matsakaici zai rufe wannan, kuma wajibi ne tsakure ya kawo kowace shekara daban. Ka kuma lura jimlar ƙarshe ba ta ce 90 ya fi riba ba, domin ba a lissafa kuɗin taki da farashin masara ba. Ba ta ce "manoman Arewa" ba, domin gona ɗaya ce da iri ɗaya. A cikin maƙala akwai sakin layi da ke ja wa marubuci birki, a tsakure kuwa babu, sai abin da ya saka a cikin jimlar da kanta.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko tsakure ya tsaya da ƙafarsa. A miƙa shi kaɗai ga wanda bai san gwajin ba, ko ɗan sashen dabbobi ne, ya karanta sau ɗaya, sannan a tambaye shi me aka gwada, a ina, yaushe, nawa aka samu, kuma a kan wa sakamakon ya hau. Duk inda ya ce "sai na ga maƙalar", nan ne ramin. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Malam, idan na zuba komai a tsakure, wa zai karanta sauran?" Na ce mata wanda aikin ya shafa shi ne zai nema, don ya ga yadda aka yi, kuma alƙaluman ne za su sa ya san aikin ya shafe shi.

Saura aiki ɗaya da ake yawan mantawa. Bayan masu tantancewa sun mayar da maƙala, sau da yawa ana sake lissafi, a cire fili guda da ruwa ya ci, ko a gyara nauyin ƙwaya zuwa laima ɗaya, sai 3.9 ta koma 3.7 a jadawali, tsakure kuwa yana nan da tsohon adadinsa. Kafin a sake turawa, a ajiye tsakure gefe da jadawalin ƙarshe, a bi kowane adadi ɗaya bayan ɗaya da biro, har da shekaru da sunan iri.