Yadda nake i'irabin jimla, daga amili zuwa wasali

Shekarun da na yi ina karatun nahawun Larabci, daga baya kuma ina biya wa ƙanne, sun zaunar da ni a kan ra'ayi guda: wasalin ƙarshen suna shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai i'irabi ya duba. Yawancin ɗalibai da shi suke farawa. Da sun ga rufu'a sai su ce fa'ili, fataha maf'uli, kisira kuma majruri. Wannan dabara tana tafiya a jimlolin farko na littafin koyo, inda kowane suna tilo ne mai tanwini, amma da an shiga rubutun gaske sai ta tsaya. Dalili biyu ne. Yawancin rubutun Larabci ba a sa masa wasali ko kaɗan, kuma ko an sa, akwai sunayen da kisirarsu alamar nasabi ce, akwai waɗanda fataharsu alamar jarri ce.

Abin da nake yi tambayoyi uku ne a jere, kuma ba na yarda in tsallake ɗaya. Wane ne ya yi aiki a kan wannan suna, wato amilinsa? Wane matsayi ya ba shi, raf'i ko nasabi ko jarri? Sai ta uku, wane irin suna ne, domin irinsa shi ke faɗin alamar da zai ɗauka. Ibn Ajurrum, malamin Fas da ya rasu a 1323, ya sa babin alamomin i'irabi a farkon ɗan littafinsa tun kafin babin fa'ili da na mubtada'i, kuma haka muka haddace. Tsarin haddar ke nan. A wajen warware jimla kuwa, ni daga matsayi nake tasowa in gangaro kan alama.

Ga jimlar da na saba gwada ɗalibi da ita. Na ninka wasali a inda ake jan sauti domin a bambance tilo da jam'i:

Sa'alal-mu'allimaatil-jadiidaati abul-waladaini an masaa'ila kasiiratin.

Kafin in taɓa kowane suna, sai in dubi kalmar farko. Sa'ala aikatau ne, fi'ili mali, ma'anarsa ya tambaya. Ke nan jimlar fi'iliyya ce, kuma wannan fi'ili yana bin mu bashin abu biyu: wanda ya yi tambayar da wanda aka tambaya. Nakan riƙe wannan a rai in karanta jimlar har ƙarshenta, ban yanke hukunci a kan kowa ba. Wannan haƙurin shi ne rabin aikin, domin Larabci yana yarda maf'uli ya riga fa'ili zuwa, abin da Hausa ba ta saba yi ba. Mu a wurinmu wanda ya zo kafin aikatau shi ne mai aiki, shi ya sa kunnenmu ke son bai wa sunan farko wannan kujera.

Bayan haka sai in kewaye haruffan jarri da abin da ke bayansu, saboda su ne mafi sauƙin ganewa kuma cire su yana rage cunkoso. A nan harafi ɗaya ne, an. Duk sunan da ya biyo shi majruri ne, babu jayayya. To ga masaa'ila da fataha a ƙarshe. A nan ne ɗalibi ke cewa an yi kuskuren bugu. Ba kuskure ba ne. Masaa'il jam'i ne a kan ma'aunin mafaa'il, irin su masaajid da madaaris, kuma wannan ma'auni yana cikin sunayen da aka hana wa tanwini, waɗanda ake kira mamnu'i minas sarfi. Irin wannan suna ba ya karɓar kisira, sai fataha ta tsaya a madadinta. Saboda haka nakan ce: suna ne majruri da an, alamar jarrinsa fataha a madadin kisira, domin mamnu'i ne.

Idan ɗalibi bai gamsu ba, sai in nuna masa kalmar da ke biye. Kasiiratin sifa ce, na'ati, kuma na'ati yana bin abin da yake siffantawa a matsayi. Ga shi ta fito da kisira biyu ƙarara. Da masaa'ila mansubi ne, da sai a ce kasiiratan. Na amfana da wannan sosai: duk lokacin da suna ya ɓoye matsayinsa, nakan leƙa sifarsa, sau da yawa ita ke tona shi. A kula kuma, na'ati matsayi yake bi, ba siffar wasali ba.

Wannan hukunci na mamnu'i yana da iyaka. Da zarar an sa wa sunan alif da lam, ko aka jingina shi ga wani suna, kisirarsa ta dawo. Sai a ce anil-masaa'ilil-kasiirati, ko an masaa'ilin-nahwi. Ita kuwa kisirar da ta bayyana a kan nunin an cikin anil, ba ta i'irabi ba ce. Haruffa biyu masu ɗauri ne suka haɗu, aka motsa na farko don harshe ya wuce.

Yanzu saura ɓangare biyu, malamai mata da uban yara, kuma ɗaya ne ya tambayi ɗaya. Al-mu'allimaati ta zo da kisira, amma babu harafin jarri a gabanta, kuma ba a jingina wani suna gare ta ba, tunda fi'ili ne ya gabace ta. Hanyoyin jarri sun toshe ke nan. Sai in koma tambaya ta uku: wane irin suna ne? Jam'in mata ne lafiyayye, wanda aka ƙara wa alif da ta, kuma shi wasali biyu kawai ya sani, rufu'a a raf'i, kisira a nasabi da jarri duka. Tunda ba jarri ba ne, nasabi ne. Malaman su aka tambaya, maf'uli ne da aka gabatar, alamar nasabinsa kisira a madadin fataha. Al-jadiidaati na'atinsa ne, mansubi, shi ma da kisira saboda irinsu ɗaya.

Idan babu wasali a rubuce fa? Akwai alama a jikin fi'ilin, domin an ce sa'ala ba a ce sa'alat ba, wanda ke nuna mai tambayar namiji ne. Amma wannan ban ɗauke shi hujja yankakkiya ba, saboda malaman nahawu na Kufa sun halatta barin ta ɗin tare da irin wannan jam'i, ko da yake na Basra sun wajabta ta. Hujjar da ba ta da makawa tana jikin abuu.

Ab yana cikin sunaye biyar, tare da akh, ham, fuu da zuu, waɗanda ake yi wa i'irabi da haruffa: wawu a raf'i, alif a nasabi, ya a jarri. Haruffa kuwa ana rubuta su ko a jaridar da ba ta sa wasali. A jimlarmu an rubuta shi da wawu, don haka marfu'i ne, shi ne fa'ilin da muke nema tun farko. A baki wawun ba ya fita, abul ake ji, saboda ya haɗu da lam mai ɗauri, amma yana nan a rubuce. Da uban ne aka tambaya, da an rubuta alif, a karanta abal-waladaini, malaman kuma su koma al-mu'allimaatul-jadiidaatu da rufu'a, fi'ilin ya zama sa'alat. Harafi guda ya juya wanda ya tambayi wani.

Sunayen nan biyar ba kullum suke samun wannan gata ba. Sai sun kasance tilo, ba a ƙanƙantar da su ba, kuma an jingina su ga wani abu da ba ya ɗin mai magana ba. Idan babu jingina, wasali ne kamar kowa: abun, aban, abin. Idan na ce abii, ubana, to alamar ta ɓuya, sai a ƙaddara ta.

Al-waladaini shi ne abin da aka jingina abuu gare shi, mudafun ilaihi, wanda kullum majruri ne. Musanna ne, yara biyu, alamar jarrinsa ya. Kisirar da ke kan nunin ƙarshe tana ruɗin mutane, har su ce ai ga kisirar jarri nan. Wannan nuni da kisira yake ko a raf'i, kamar al-waladaani, don haka ba ya faɗin komai game da matsayi. Abin dubawa shi ne harafin da ke gabansa, alif ne ko ya. Ma'anar jimlar ta fito ke nan: mahaifin yaran biyu ya tambayi sababbin malamai mata game da mas'aloli masu yawa.

Da na gama jimla nakan canza amili in ga ko ɗalibi ya fahimta ko hadda ya yi. In ce masa ya fara da abul-waladaini saa'ilun, mubtada'i da habari, duka marfu'ai. Sa'an nan ya shigo da inna, ya ce inna abal-waladaini saa'ilun. Sa'an nan kaana, ya ce kaana abul-waladaini saa'ilan. Wanda ya iya juya wawu zuwa alif a inda ya dace, ya bar al-waladaini yadda yake domin amilinsa bai canza ba, wannan ya kama hanya.

Tambaya ta uku tana da nata ramin, wato sunayen da suka yi kama da wani iri alhali ba shi ba ne. Aswaat da abyaat da auƙaat sun ƙare da alif da ta, amma ta ɗin ta asalin kalma ce, tana nan a saut da bait da waƙt. Jam'i ne karyayye, fataha yake ɗauka: sami'tu aswaatan. Haka masaakiin da shayaatiin, ya da nuninsu ba na jam'in maza lafiyayye ba ne, da wasali ake musu i'irabi. Gwajin da nake yi shi ne in mayar da kalmar tilo. Idan harafin ya faɗi, ƙari ne, idan ya zauna, na gida ne.

Akwai kuma inda alama ba ta fitowa sam. Sunan da ya ƙare da alif, kamar al-fataa, ba ya nuna ko ɗaya daga wasulan uku. Wanda ya ƙare da ya, kamar al-ƙaadii, yana ɓoye rufu'a da kisira saboda nauyinsu a harshe, amma yana nuna fataha: ra'aitul-ƙaadiya. A irin waɗannan tambaya ta farko da ta biyu kaɗai ke aiki, sai a ce rufu'a ce ƙaddararriya. Idan kuma sunaye biyu suka haɗu duka masu ɓoyewa, kamar sa'ala Muusaa Iisaa, kuma babu sifa ko ma'ana da za ta raba gardama, to 'yancin gabatar da maf'uli ya ƙare. Na farko shi ne fa'ili dole, Musa ne ya tambayi Isa.