Sati shida muna jefa ɗan ludo, 8 + 7 bai taɓa fitowa ba

Har yanzu in na ga 'ya'yan ludo a cikin kwandon kayan ajina sai raina ya sosu. Ni na saye su da kuɗina a kasuwa, guda 20, ina murna na samu abin da zai raba ni da kuɗin fotokwafi. Yara 60 gare ni a aji biyu na firamare, kuma duk ranar da na raba takardar lissafin tarawa, rabinsu kwafar na gefe suke yi, sauran kuma su cika gefen takarda da zane-zanen sanduna suna ƙirgawa. Shi ya sa na yanka kwalin taliya na yi katunan wasa, na lulluɓe su da salatif, na kasa yaran gida goma, mutum shida-shida. Kowane kati akwai zanen kayan wasan a sama, da matakai uku a ƙasa, da wanda zai jefa, da wanda zai amsa.

Wasanni huɗu na rubuta, amma duka ɗan ludo ne ƙashin bayansu. A jefa biyu, a faɗi jimla, a rufe lambar da marfin kwalbar lemo. Ko a jefa, mai jimla mafi yawa ya matsa gaba. Ajin ya ɗauki harama. Yaran da ba sa buɗe baki suka koma ihu, har malamar aji uku ta riƙa leƙowa tana cewa mu rage murya. Ni kuwa ina ta yawo tsakanin ƙungiyoyi kaina ya kumbura, duk inda na tsaya amsa daidai nake ji.

A sati na shida na yi musu gwajin baka, tambaya goma, ɗaya bayan ɗaya a teburina. 4 + 3, kafin in rufe baki sun amsa. 5 + 5, har da dariya. Da na ce 8 + 7, sai yarinyar da ta fi kowa cin wasa ta ɓoye hannu a ƙarƙashin hijabi, ina ganin yatsunta suna motsi, can ta ce 14. Na ce wata ƙila tsoro ne. Na kira na gaba, shi ma haka. Kafin a tashi na gane ba tsoro ba ne.

Da daddare na zauna da biro na jera lissafin, abin da ya kamata in yi tun kafin in yanka kwali. Daga 1 zuwa 9, in ka ɗauki 3 + 4 da 4 + 3 abu ɗaya ne, tarawa 45 ake so yaro ya riƙe a ka. Ɗan ludo kuwa a 6 ya tsaya, don haka 21 kawai yake iya fitarwa. Duk wadda ke da 7 ko 8 ko 9 a ciki, guda 24, ba ta taɓa zuwa gaban yarana ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu tsallake goma, waɗanda su ne ainihin wahalar. Guda 20 ne, kuma a cikinsu 5 + 6 da 6 + 6 kaɗai ɗan ludo ya sani. Su ma ba kasafai suke faɗowa ba: cikin hanyoyi 36 da 'ya'yan ludo biyu za su iya kwanciya, uku ne kawai ke wuce goma. Ashe sati shida muka yi muna nanata abin da suka riga suka iya.

Sannan ga ɗigo-ɗigon. Na koma na tsaya a kan wata ƙungiya, wannan karon ina kallon hannu maimakon sauraren baki. Yaro ya jefa 5 da 4, ya sa yatsa ya bi ɗigon ɗai-ɗai har tara. Amsa daidai, amma ƙirge ya yi, irin wanda yake yi da sanduna a gefen takarda.

Da na kai kuka wajen wani dattijon malami da ya daɗe yana koyar da aji ɗaya, sai ya yi murmushi ya ce, "Malama, ai ɗan ludo ba shi da laifi, iyakar abin da aka rubuta masa yake faɗa. Ki sake masa rubutu." Haka na yi. Na liƙa farar takarda a kowace fuska na rubuta 4, 5, 6, 7, 8, 9 da lamba, babu ɗigo, na ja layi a ƙarƙashin 6 da 9 don kada a juya su. Yanzu cikin hanyoyi 36 ɗin nan, 30 suna tsallake goma. Uku ne suka rage waɗanda ba za su fito ba, 9 + 2 da 8 + 3 da 9 + 3, su kuma na sa su a katin lambobi daban.

Amma ba za ka jefa wa yaro 8 + 7 ka bar shi haka ba, yatsu zai koma. Sai na samo kiret ɗin ƙwai na kwali, mai gurbi 30, na yanka kowanne gida uku, layi biyu na gurbi biyar-biyar. Kowace ƙungiya ta samu biyu, da marfin kwalba kala biyu. Sabon katin na sa masa suna "Cika goma". In 8 da 5 suka fito, yaro ya zuba 8 a kiret na farko, 5 a na biyu, ya ɗebo daga na biyu ya cike gurbin da ya rage, sannan ya faɗa da baki: takwas na neman biyu, saura uku, sha uku. In bai faɗi wannan ba, ba shi da maki ko da amsarsa daidai ce. Na kuma ƙara alƙali a kowace ƙungiya, mai riƙe da katin amsoshi a kife, kuma a kowane zagaye ana sauya alƙalin. Dokar "wanda ya riga faɗa shi ya ci" na goge ta gaba ɗaya, domin ita ce ta sa mutum ɗaya ke amsa komai biyar na kallo.

Satin farko ajin ya yi sanyi. Wasan ya zama mai nauyi, jifa ɗaya na cin kusan minti guda, wasu suka fara tambaya yaushe za a dawo da tsohon. Ban dawo da shi ba, duk da ni ma na yi kewar ihun. A sati na uku na lura wasu sun daina taɓa marafen, kiret ɗin kawai suke kallo su faɗi amsa. Waɗannan na ɗauke musu kiret, na bar su da 'ya'yan ludo zalla. Har yau akwai kusan goma sha biyar da ba su rabu da shi ba, kuma 7 + 6 da 8 + 6 su ne suka fi ba su wuya, don goma ba ta kusa kamar yadda take ga 9. Ga 7 + 6 na fara nuna musu ta wata hanya, 6 + 6 a ƙara ɗaya, tunda wannan ɗin sun sha ganinsa a tsohon wasa.

Zangon karatu ya ƙare ban kai ga ragewa ba, wadda a tsarin aikina tun sati na takwas ya kamata mu shige ta, sai da na yi wa hedimasta bayani a tsaye a ofishinsa. Yanzu kafin in yanka kwali, sai na rubuta duk tarawar da wasan zai iya fitarwa a takarda, in ɗora ta kusa da jerin 45 ɗin nan in ga wacce ta ɓace. Yarinyar nan mai hijabi na sake tambayarta 8 + 7 ranar ƙarshe. Ta ɗan yi shiru, leɓenta ya motsa, ta ce 15, hannayenta duka biyu suna kan tebur.