Asabar, ranar biyan kamasho

Yau ce ranar sallamar ejan-ejanmu masu sayar da fitilu da batiran sola, tun ƙarfe takwas bencin ƙofar ofis ya cika. Tun da Alhaji ya yarda muka ajiye kalkuleta muka koma Google Sheets, aikina a irin wannan rana ya zama dubawa da amsa tambaya. Kowane ciniki yana da layinsa a shafin Ciniki: lambar rasit, lambar ejan, kwanan wata, irin kaya, kuɗi, da sunan wanda ya shigar. Shafin Kamasho yana tattara cinikin kowane ejan na wata da `SUMIFS`, umarnin da ke tara adadi bisa sharaɗi, sai ya bi ƙa'idarmu, wato kashi 3 cikin ɗari a kan naira 500,000 ta farko, kashi 5 a kan abin da ya haura. A lissafin da ke ƙasa, B2 shi ne jimlar cinikin ejan na wata.

```
=MIN(B2,500000)*0.03+MAX(B2-500000,0)*0.05
```

An sallami yawancin mutane lafiya lau. Gab da azahar ejan ɗinmu na Wudil ya shigo riƙe da littafinsa, rai a ɓace. Dattijo ne, ba ya yawan magana, shi ya sa na ja masa kujera.

"Malama, an rage mini dubu shida. Cinikina 850,000 ne, ga shi a rubuce."

Lissafinsa bai kuskure ba. A kan 850,000 zai samu 15,000 daga kashin farko, da 17,500 daga ragowar 350,000, jimla 32,500. Shafin kuwa 26,500 ya fitar. Na ce, "Baba, matso mu duba tare." Na tace layukan da lambarsa, muka bi rasit ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora yatsa a littafinsa. Duk sun yi daidai, har muka iso wani layi a can ƙasa mai -120,000. A gefensa an rubuta: an dawo da batir, ga lambar rasit ɗin asali, ga sunan mai sito da ya karɓa, ga ranar. Ashe mai sayen kai tsaye ya kawo batirin sito, bai bi ta wurin Baba ba. Ciniki ya koma 730,000, abin da ya haura ya zama 230,000, kashi 5 ɗinsa 11,500. A haɗa da 15,000, ga 26,500. Dubu shidan nan kashi 5 ne na kuɗin batirin.

Ya kira mai sayen a gabana, aka tabbatar masa. Ya ce, "To, Alhamdulillahi, na gani da idona." Amma ya ƙara da cewa ya kamata a riƙa sanar da ejan ranar da aka dawo da kayansa, kuma gaskiya ya faɗa. Na rubuta zan kai wa Alhaji.

Abin da ya kashe wutar nan shi ne dokar da na kafe a kanta tun farko: ba a goge layi, ba a gyara adadi a inda yake. In an yi kuskure ko an dawo da kaya, sabon layi ake ƙarawa mai cire kuɗin, da dalili, da sunan mai yi. Da mai sito ya share cinikin batirin kawai, jimlar za ta fito daidai, amma da me zan nuna wa Baba? Sai dai ya yarda da bakina, kuma kuɗin gumin mutum bai kamata ya rataya a kan haka ba.

Manaja ya taɓa cewa ai `Version history`, wato tarihin gyare-gyaren da Google Sheets ke ajiyewa, ya isa. Bai isa ba, domin sai mai izinin gyara ke iya buɗe shi, ejan kuwa izinin kallo kawai muke ba shi, a fayil ɗin da ke ɗauke da layukansa kaɗai. Dole sawun ya kasance cikin layukan da zai karanta a wayarsa. Kuma in ma'aikata suna shiga da asusu ɗaya, tarihin ba zai nuna wanda ya taɓa komai ba, shi ya sa kowa ke da nasa.

Bayan la'asar wata matsalar ta ɓullo. An dawo da fanka da aka sayar a watan jiya, an kuma riga an biya kashi 5 a kanta. Ejan da ya sayar da ita bai kai 500,000 a wannan watan ba, don haka shafin kashi 3 kawai ya cire. A ganina da kason da aka biya ya kamata a cire, wanda ke nufin kowane layin dawowa ya riƙa ɗaukar kasonsa daga rasit ɗin asali. Ban taɓa shafin ba tukuna, sai Alhaji ya amince a rubuce ranar Litinin, an kuma gaya wa ejan-ejan kafin sabuwar ƙa'idar ta fara aiki.