Ta ce tana son ta yi kyau ba tare da hoda ba

'Yar yayata ce, shekararta 15, ta same ni da maganar nan kamar wadda za ta faɗi wani babban sirri, wai Anti don Allah me zan yi in yi kyau ba sai na shafa hoda da jambaki ba, ƙawayena duk fuskarsu sumul ni kuwa kullum ƙuraje. Na ce mata zo nan kusa da taga in ganki da kyau. Da na duba sai na ga ƙurajen ma ba su da yawa, 'yan ƙanana ne a goshi da gefen hanci da haɓa, abin da ya cika mata fuska baƙaƙen tabo ne, kuma kusan kowane tabo wurin da ta taɓa matse ƙurji ne da farce.

Sai na ce ta wanke fuska a gabana yadda ta saba. Wallahi sai da na tausaya wa fatar. Sabulun wanka mai ƙarfi ta goga a soso, ta dirje kumatu kamar mai wanke gindin tukunya, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta sa tawul ta sake gogewa da ƙarfi, kuma wai haka take yi sau huɗu ko biyar a rana saboda maiƙo, man shafawa kuwa ta daina sa wa fuskar gaba ɗaya don kar ya ƙara mata ƙyalli. Na ce mata Baby ai ke ce kike wahalar da fuskar nan ba ita ke wahalar da ke ba.

Abin da na fahimtar da ita shi ne, a shekarun balaga jiki ne da kansa yake ƙara fitar da maiƙo, idan maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar gashi sai ƙurji ya fito, ba ƙazanta ba ce, shi ya sa dirza ba ta maganinsa, sai dai ta ƙara fusata fatar. Kuma mai duhun fata duk inda fatarsa ta kumbura ko ta ji ciwo, wurin yakan ƙara duhu bayan ya warke. Ƙurjin da aka ƙyale zai iya lafawa cikin sati guda ko makamancin haka, amma tabon wanda aka matse sai ya yi watanni yana nan daram.

To ga abin da muka yi. Wanke fuska sau biyu kawai, safe da dare, sai in ta yi gumi sosai ta ƙara ɗaya. Ruwa mai ɗan ɗumi ko na sanyi, sabulu mai laushi marar ƙamshi, da yatsu kawai, soso ya tsaya daga wuya zuwa ƙasa. Na ba ta alamar da za ta riƙa gane ko sabulu ya yi mata ƙarfi: in ta wanke ta ji fatar ta ɗaure tana jan ta in ta yi murmushi, ko ta ga fari-fari a gefen baki, to ya yi ƙarfi, a canza. Bayan wankewa ta danna tawul a hankali, kafin fuskar ta bushe ƙayau ta shafa mai marar nauyi ɗan kaɗan, wanda zai shige ba wanda zai zauna yana naso ba. Da safe kuma man kare rana mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 ko sama, nan ta yi dariya wai ita da ba fara ba me rana za ta yi mata, na ce rana ce ke ƙara wa tabon nan duhu tana hana shi dushewa, in kina son su tafi dole ki kare su.

Ƙurajen goshi kuwa daban na gano tushensu. Sun jeru ne daidai bakin gashi, ƙanana masu yawa, kuma ita mai son lafta man gashi ce har yana gangarowa. Na ce man ya tsaya a gashi, a nisanta shi da goshi, ta wanke hannu bayan ta shafa, abin da take ɗaure kai da shi da dare da rigar filo a riƙa wankewa duk sati, wayar da take mannawa a kumatu a riƙa goge ta. Ƙurajen goshin nan ne suka fara tafiya ma kafin sauran.

Mafi wahala shi ne hana hannu. Ba ta ma san tana yi ba, tana karatu hannu na haɓa, tana kallon waya farce na sosa ƙurji. Na yanke mata farce, na ce ƙaramin madubin nan da take kai wa fuska kamar za ta shige ciki a ajiye shi, ta riƙa tsayawa nesa da madubi gwargwadon tsawon hannu, domin daga nan ne mutane suke ganinta, ba wanda yake zuwa ya ƙirga mata ƙofofin gashi.

Sati biyu da farawa ta dawo ranta a ɓace wai ba ta ga komai ba, wata ƙawarta ma ta ce ta shafa man goge baki ko ruwan lemon tsami a kan ƙurajen, wata kuma ta nuna mata wani kirim da ke goge tabo cikin kwana kaɗan. Nan ne na ɗaure fuska. Man goge baki da lemon tsami ƙona fata suke yi su bar tabon da ya fi na da. Kirim ɗin da ke haska mutum cikin 'yan kwanaki kuwa sau da yawa akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid a ciki, da farko fuska ta yi luwai, daga baya fatar ta yi siriri jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su dawo ninki, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi jiki ya zama kala biyu. Na ce mata fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, ko maganin ƙuraje na gaske ma sai an ba shi sati 6 zuwa 8 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Na sa ta ɗauki hoto a wuri ɗaya da haske ɗaya ta ajiye, don ido yana manta yadda abu yake a da.

Sauran abubuwan ba su da wani tsawo. Ta daina lasar leɓe don yawu yana ƙara busar da shi, ta sa basilin kafin ta kwanta. Burushi sau biyu a rana minti biyu, har da harshe. Barci kuma, mai shekarunta awa 8 zuwa 10 yake buƙata, ita kuwa tana kan waya har tsakar dare shi ya sa idon ke kumbura da safe, wannan kam sai da uwarta ta sa baki aka riƙa karɓe wayar.

Bayan kamar wata biyu da muka haɗa hotunan, goshin ya kwanta, sababbin tabo sun ragu sosai tunda an daina matsa, tsofaffin sun fara dushewa amma suna nan, kuma har yanzu in al'adarta ta kusa sai ɗaya ko biyu sun fito a haɓa, na ce wannan ba komai ki ƙyale su. Abin da na gaya wa uwarta shi ne waɗannan matakan na magance ƙananan ƙuraje ne. In aka ga manya masu zafi da ke can cikin fata, ko masu barin rami in sun warke, ko sun bazu ƙirji da baya, ko kuma ƙurajen sun haɗu da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, to a kai ta wurin likitan fata da wuri, don ramin da ƙurji ya bari sabulu da mai ba sa cike shi.