Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rabuwa da Honda

A makon jiya na tsaya ne inda Hondata, wadda ake kira EOD, ta fara shan mai kamar rijiya. Shekara bakwai muna tare, a cikinta na ɗauko ɗiyata ta fari daga asibiti, amma dai lokacin rabuwa ya yi.

Naira miliyan 4 na tara. Na je wurin wani mai sayar da motoci a nan Kano, na ga Corolla ƙirar 2010 a miliyan 6 da dubu 500. Na ce a yi musanye in yi ciko. Ya zagaya Hondar, ya buɗe bonet, ya shafa ƙofar baya inda aka taɓa yin fenti.

"Alhaji, miliyan 2 da dubu 400 zan karɓe ta."

Na nemi ragi a kan Corollar, ya ce ai musanye ne, ba ragi. Nan na gane sau biyu yake cin riba: ya karya tawa, ya riƙe farashin tasa. Cikon ya kama miliyan 4 da dubu 100, ya fi abin hannuna.

Bakanikena ya ce in sayar da ita da kaina. Na gyara na'urar sanyi, aka taɓa fenti, dubu 120 ta tafi. Na bar motar a hannun dillali, na koma hawa adaidaita sahu, ni da kai yara makaranta. Wannan zaman shi ya fi ci mini rai. Wani ya zo ya gwada ta har Zariya Rod, ya dawo ya ce giya na fizga, ya taya rabin kuɗi. Wani ya ce zai ba da kafin alƙalami, sauran sai bayan girbi. Na ƙi, don mota ba a sakinta da takardu sai kuɗi sun cika.

A mako na biyar wani malamin makaranta ya biya miliyan 3. Dillali ya cire la'adarsa dubu 150, kuɗin adaidaita ya ci kusan dubu 80. Da na haɗa da gyara, miliyan 2 da dubu 650 ta rage mini, wato ƙarin dubu 250 a kan tayin musanye.

Sai dai kasuwa ba ta jira ni ba. An sayar da waccan Corollar, dala ta motsa, irinta ta koma miliyan 6 da dubu 800. Abin da ya cece ni kuɗi a hannu: na nuna zan juya, aka sallama a miliyan 6 da dubu 600. Cikona ya zama miliyan 3 da dubu 950. Wahalar mako biyar, dubu 150 ta tsirar mini, amma ita ta hana ni cin bashi.

Dubu 50 ta rage a aljihuna, ga canjin sunan mai mota, ga inshora, ga juyen mai. Da na shiga gida, maiɗakina ta leƙa tayoyin ta ce, "Baban Amira, waɗannan za su kai mu Katsina kuwa?" Labarin wannan tafiyar sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.