Abaya mai lamba 54 da na aika Bauchi

A Gombe nake sana'ar abaya, ina saro su daga Kano ina tallatawa a waya. Wata Hajiya a Bauchi ta biya kuɗin baƙar abaya mai lamba 58, ni kuma garin saurin kai saƙo tasha na naɗe mata 54. Lambar abaya tsawonta ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, wato na rage mata inci 4 ke nan. Da ta saka, idon sawunta duk a waje.

Ta kira ranta a ɓace: "Ki maido min kuɗina kawai."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ki ɗauko min hoton lambar da ke wuyan rigar, sannan ki shimfiɗa ta ki ɗora tef in gani." Tef ɗin yana da dalili, don wani lokaci lambar daidai take, ɗinkin ne ya gaza, kuma wannan magana ce tsakanina da dilan Kano. A nan tef ya nuna 54 cif. Na koma hirarmu, ga 58 ta rubuta ƙarara. Laifina ne, saboda haka kuɗin mota zuwa da dawowa a wuyana yake, kuma na faɗa mata tun ba ta tambaya ba.

Abin da ya sauko da ita kuwa ba ban haƙurin ba ne. Kafin in ce mata mu yi musanya, sai da na ɗauko 58 ɗin daga cikin kaya, na gwada ta da tef a bidiyo, na rubuta sunanta a jikin leda. Mai saye ba ya ƙin musanya don yana son kuɗi, tsoro yake ya mayar da kaya a yi ta ce masa gobe, jibi. Ita biki ne da ita ranar Asabar, riga take buƙata. Ni ma da na mayar da kuɗin, da na yi asarar ciniki da kuɗin mota gaba ɗaya.

Na roƙe ta abu biyu: kada ta cire lambar, kada kuma ta turara rigar. Turaren wuta in ya kama yadi, ba wadda za ta karɓe shi a matsayin sabo.

In ƙorafin na kala ne ba na tsawo ba, ya fi wuyar sha'ani, domin ruwan toka kan koma kamar shuɗi a hasken fitila. Shi ya sa yanzu nake cewa a fita tsakar gida da rana a ɗauki hoton kafin mu yanke ko kuskure ne.

Da safe na ba direba 58 ɗin Hajiya ba tare da na jira tawa ta iso ba, na tura mata lambar wayarsa. Kafin la'asar ta karɓa, washegari ta ba shi 54 ɗin a ledarta.